Kukan Kurar Rijiya

Takardar tana nan har yau a cikin adakar Inna, ƙarƙashin wani zanen saƙi da ba wanda ya ƙara ɗaurawa tun da ta rasu, ta kwashi warin kafur da na tsohon ƙarfe. Falle 3 ne na fulsikaf, an ninke su huɗu, kowanne an raba shi biyu da jan biro tun daga sama har ƙasa. A hagu an rubuta abin da ido zai gani, a dama abin da baki zai faɗa. Rubutun nawa ne, na san yadda nake lanƙwasa wutsiyar ƙa, amma duk ranar da na buɗe ta sai in tsaya ina kallon hannun kamar na wani ɗalibi da na taɓa koyarwa ya tafi bai dawo ba. Shekarunsa 24. Yana da riga ɗaya ta zuwa Kano, da agogon hannu mai tsagaggen gilashi, da zuciyar da ta yarda cewa in aka iya jera magana, ko dutse sai ya motsa.

A daminar 1996 rijiyar gindin kuka ta rufta. Cikin dare ne, bayan ruwan da ya kwana biyu yana zuba, aka ji wani gudum mai nauyi kamar an yar da buhun gero daga kan rumbu, karnuka suka ɗauki haushi, sannan gari ya yi tsit. Da safe muka tarar gefen gabas ya zame ciki gaba ɗaya da duwatsun da kakanninmu suka jera, sai gwafanni biyu na gefen yamma suka tsira, kurar tana rataye a tsakaninsu, igiyar tana lilo. Muddin damina ba a ji zafin abin sosai ba, tafki yana cike. Da kaka ta wuce tafkin ya koma taɓo, mata suka fara fita tun asubar fari zuwa rijiyar maƙwabta, ba sa dawowa sai hantsi ya dubi ludayi, gammo ya jiƙe, wuya ya sage.

A zauren Dagaci aka yanke shawarar a nemi 'yan'uwa na nesa. Muna da su a Jidda da Makka, muna da su a zangon Kumasi da Nima ta Ankara, akwai jikokin waɗanda suka bi tafarki a ƙasa ta Adare da Janaina suka yada zango a Wad Madani, akwai likita ɗaya a Amurka da wani ɗan Baffa da karatu ya kai shi Landan. Wani ɗan garinmu da ke ɗaukar hoton biki a Kano ya ce zai zo da kyamararsa kyauta, amma shi ɗauka ya iya, magana sai a nemo mai yi. Duk ido ya juyo kaina. Ni ne malamin firamare, ni nake rubuta wa rabin gari wasiƙa in kuma karanta musu amsa, saboda haka aka ga ai duk abu ɗaya ne. Ni ma haka na gani.

Dare uku na yi ina rubutu a gaban fitilar ƙwai, hancina cike da hayaƙin kananzir, kunnena cike da muryar masu karanta labaran ƙarfe takwas. Falle 5 na cika, kalma ta haura 1,000. Har yanzu ina iya tuna yadda ta fara: al'ummar wannan yanki sun tsinci kansu cikin mawuyacin hali sakamakon ƙarancin tsaftataccen ruwan sha, lamarin da ke sanadiyyar asarar rayukan ƙananan yara a kullum. Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai, na yi ta maimaita ta a hanyar makaranta. Da yamma na ɗauki takardun na nufi wurin Baffa, yana zaune a kan buzu yana tufkar igiyar rama, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa, yana tofa yawu a tafi yana murzawa. Na karanta masa tun daga bisimilla har wassalam, bai ɗago ba. Da na gama sai ya ce:

“Malam ƙarami, ɗan wa ya mutu?”

Na ce, “Baffa, ai salon magana ne, don abin ya taɓa su.”

Ya ce, “Gwaggonka ta Jidda ta san kowane gida a garin nan, ta san wadda ta haihu bara da wadda ke da ciki bana. In ta ji yara na mutuwa kullum, daren nan ba za ta runtsa ba, gobe za ta aiko a faɗa mata na wa da na wa. Me za ka ce mata? In ka ce babu, to buhun simintin da ka ambata ma ba za ta ƙara yarda da ƙirgensa ba.”

Ya murza igiyarsa sau biyu, sannan ya ƙara da abin da ya zauna mini har yau. Ya ce ya saurare ni tun daga farko bai ji sunan rijiyar ba, bai ji kukar ba, bai ji garinmu ba, abin da ya ji wani yanki ne da wata al'umma, kuma shi bai san kowa a can ba. Ya ce mutanen da zan aika wa kaset ɗin nan cibiyarsu tana binne a bayan ɗakunan nan, da ruwan rijiyar nan aka yi musu wankan jego da na kaciya, ba a zuwa wurin irinsu da ƙoƙon bara. Gayya ake kiransu. Mai kiran gayya kuwa yakan faɗi gonar, ya faɗi ranar, ya faɗi kunya nawa aka riga aka nome da nawa suka rage, kuma da fartanyarsa a kafaɗa yake zuwa kiran.

Na koma gida da takarduna. Inna ta kunna wuta da su washegari, da izinina.

Abin da na fara yi bayan nan ba rubutu ba ne, ƙirge ne. Na je wurin tsohon da ke haƙa rijiya a ƙasarmu, mutum mai ƙananan idanu da tafin hannu kamar ɓawon kuka, na zauna da shi a inuwar dangarsa yana zana mini da tsinke a ƙasa. Ya ce tsohuwar ba ta gyaruwa, sabuwa za a haƙa taku kaɗan daga gefenta, kuma yana sa ran ruwa a gaba 15. Za a ɗaure ta da zoben kankare, kowane zobe tsayinsa rabin gaba, ke nan zobe 30. Kowane zobe yana cin buhun siminti 2, buhu 60 ke nan, sai 15 na bakin rijiya da dakali da komin shanu. Duka 75. Ya ce a fara haƙa cikin bazara, lokacin da ruwa ya gudu can ƙasa, domin rijiyar da aka tsayar a kan ruwan kaka takan ƙafe kafin shekara ta zagayo, kuma lalle a rufe aiki kafin ruwan farko ya sauka ya jiƙa bango. Daga nan na bi gida gida da littafin rajista. Kuɗin da gari ya tara ya kai na buhu 27. Yashi da tsakuwa samari sun ce su za su kwaso da jakuna da amalanke. Rodi da ladan masu haƙa 'yan ci-raninmu na Kano da Legas sun ɗauka. Abin da ya rage buhu 48.

Da na rubuta 48 a bayan rajistar na ji wani sanyi a raina. Yanzu na san abin da zan roƙa, kuma ban ji kunyarsa ba.

Hedimasta ne ya hana ni faɗin kuɗin da Naira. Ya ce in na ce Naira kaza, likitan Amurka zai lissafa da canjin gwamnati na Naira 22 a dala, alhali a Wapa dalar ta haura 80, na Kumasi zai lissafa da sidi, ta Jidda da riyal, kowa ya fito da nasa jimillar, kuma kafin kaset ya isa hannunsu farashin ya motsa. Buhu kuwa buhu ne a ko'ina. Wanda ya ce na ɗauki buhu 2 ya san ya ɗauki zobe ɗaya, yana iya rufe ido ya ga zobensa a cikin rijiya. Farashin ranar sai muka sa shi a 'yar wasiƙar da za ta raka kowane kaset, da kwanan wata a samanta.

Mai kyamara ya zo cikin Disamba, hunturu ya yi kauri, rana kamar faifan azurfa a bayan hazo. Kyamarar babba ce ta kafaɗa, da jakar batir da igiyoyi, yara suna bin ta a baya har bakin tafki. Kwana biyu ya yi yana ɗauka. A dare na biyu muka tayar da ɗan janareto a gidan Dagaci muka kalli abin da aka ɗauka, shi ne ya karɓi agogona ya ce in karanta sabon rubutuna yana dubawa. Na karanta a natse yadda zan yi wa tsoho magana. Ya ce kalma biyu nake ci a daƙiƙa ɗaya, ke nan 120 a minti, in na wuce haka tsofaffi za su rasa ni. Ya ce fim ɗin kada ya wuce minti 6, domin a falon mutane za a kalle shi, da yara da baƙi da shayi, kuma a cikin minti 6 ɗin kusan rabi kawai zan yi magana. Sauran na hoto ne da shiru. Shi ya ja mini jan layin nan a tsakiyar takarda, ya ce kowane hoto in rubuta daƙiƙunsa a hagu, in ninka biyu, abin da ya fito shi ne iyakar kalmomin da zan sa a dama, kuma gara su gaza da su kai. Hoton mata a hanya daƙiƙa 20 ne, kalma 40 ke nan, na rubuta 22. A ƙarshe duka rubutun ya tsaya a kalma 380.

Yankan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye wa kaina ba. Akwai jimlolin da nake so kamar 'ya'ya. Amma da na ɗora su a kan hoton sai na ga suna faɗin abin da ido ya riga ya gani. Ga mata da tuluna a ka suna tafe cikin hazo, ni kuma ina cewa ga mata suna tafiya ɗibar ruwa. Na soke. Na sa abin da hoton ba zai iya faɗa ba: sun fito tun kafin kiran assalatu, wannan zuwa na biyu ke nan, ta gaban nan kwananta 40 da haihuwa. Na kuma bi rubutun ina tsince kalmomin da mutanenmu ba su tafi da su ba. Wanda ya bar gida ana ƙirge da fam da sule, kilomita ba ta auna masa komai, amma in ka ce daga asuba zuwa hantsi, ƙafarsa za ta tuna. Mita ta koma gaba. Tsaftataccen ruwan sha ya koma ruwan daɗi. Sakamakon da lamarin da duk 'yan'uwansu na sallame su.

Gaisuwa ce ta so ta gagare mu. Dagaci ya so a ambaci kowane babba da sunansa da sarautar gidansu, aka lissafa aka samu mutum 30 da ɗoriya, minti biyu cur kafin a kai ga rijiya, kuma duk wanda aka tsallake ya ɓata. Liman ne ya raba gardamar. Ya ce a gai da garuruwa, a bar sunaye ga wasiƙa, kowa a rubuta masa tasa da hannu. Shi ne kuma ya sa yatsa a kan wani layi nawa inda na ce ga azumi tafe, mai fitar da zakka ya tuna da gida. Ya ce in cire. A abin da muka karanta a mazhabarmu zakka tana da mutanenta, ba a gina rijiya da ita, in kira abin da sunansa, sadaka ce mai gudana, kada in sa wani ya ɗauka ya sauke farali alhali bai sauke ba.

Sai maganar Inna. Mai kyamara ya ɗauke ta tana tace ruwan tafki da bakin mayafi a kan randa, fuskarta ta fito sosai, har da gumin da ke bin tsagar kumatunta. Hoton ya yi kyau, mu duka mun san shi ne zai fi taɓa zuciya. Da aka nuna mata ta yi shiru, can ta ce, “Ɗan nan, ƙanwata ce za ta kalli wannan a gaban surukanta da maƙwabtanta Larabawa. Ka nuna musu ruwan. Ni ka bar ni.” Washegari aka sake ɗauka. Hannuwanta kawai suka fito, da awarwaronta guda na tagulla, da ƙwaryar da aka ɗinke tsagarta da zare, da jan lakar da ta kwanta a mayafin. A wurin nan ban sa kalma ko ɗaya ba, daƙiƙa 12 ba a jin komai sai ɗigar ruwa a randa. Akwai kuma hoton wani yaro da ke kwance ba lafiya, an ɗauke shi uwarsa tana daka ba ta sani ba. Muka goge shi a daren.

Ɗora murya a Fagge muka yi, a wani ɗan shago mai warin sabuwar roba da ƙurar fanka, bidiyo biyu a ɗore kan juna, ƙaramar talabijin a sama, bargo a rataye a ƙofa don ƙarar babura. A jikin na'urar akwai wani maɓalli da aka rubuta `AUDIO DUB`, in an danna shi muryarka tana hawa kan kaset ɗin, amma tana share duk sautin da ke wurin tun asali. Ban san haka ba sai da muka yi zagayen farko muka mayar muka saurara. Ga muryata tsaf, ga hoto tsaf, amma garin ya mutu. Babu carar zakara, babu luguden daka, babu kukan kura. A farkon fim ɗin akwai inda wani yaro ya tsaya daga nesa ya ja doguwar igiya, kurar tsohuwar rijiya ta juya tana kiii, kiii, guga ya fito da busasshiyar ƙasa. Wannan kukan kowane ɗan garinmu da shi ya tashi daga barci tun yana goye, ga shi na binne shi da bakina.

Allah ya taimake mu ainihin kaset ɗin yana nan, a kan kwafi muka yi gwajin. Mai shagon ya kwashe sautin gari a kaset ɗin rediyo, ya ajiye rediyon a gefen makirufo, yatsansa a kan abin ƙara murya, in zan yi magana ya rage, in na yi shiru ya ƙara. Tuntuɓen harshe ɗaya sai a koma farkon wurin. Sau biyu aka ɗauke wuta muna tsakiya. Na tuna maƙogwarona ya bushe, yaron shagon ya sayo mini shayi a kofin silba, na riƙe shi da hannu biyu ina kallon jan ɗigon da ke ƙyaftawa. Zagaye na bakwai ne ya tsaya, ana kiran sallar asuba a masallacin Fagge.

Ga yadda ya fara, bayan kurar ta yi kukanta ita kaɗai na daƙiƙa 8:

“Salamu alaikum mutanen gida. Na Makka da Jidda, na Kumasi da Ankara, na Wad Madani, na Turai da Amurka, iyaye da yayye da ƙanne, gida yana gaishe ku. Kun gane wannan kukan. Rijiyar gindin kuka ce. Ta rufta a daminar bana, cikin dare, Allah ya tsare ba ta ci kowa ba.”

Ga kuma inda aka zo kan buƙata, a kan hoton buhunan da aka riga aka saya suna jere a zauren Dagaci:

“Sabuwa za mu haƙa a gefenta. Tana son buhun siminti 75. Mu na gida mun tara 27, ga su nan kuna gani, yashi da tsakuwa da ƙarfin damtse namu ne. Saura 48. Buhu 2 zobe ɗaya ne. Za a sa diga bayan ƙaramar salla, a rufe kafin ruwan farko. Abin da kuka aiko hannu uku zai karɓa, Liman da Hedimasta da uwar adashin mata, kowa da rasit ɗinsa. In an gama za mu aiko muku da wani kaset ku ga ruwan da idonku. Saura buhu 48.”

Maimaita adadin da gangan ne. Mun rubuta shi a allo mun ɗauka, amma kowane kwafi da aka juya daga wani sai hoton ya ƙara dusashewa, mun kuma san can ma za su juya wa juna, kafin ya kai hannu na uku rubutun allon ya zama hazo. Murya ce take jure juyi. Saboda haka duk abin da bai kamata ya ɓata ba, da baki na faɗe shi, sau biyu.

Kwafi 9 muka yi, kowanne na naɗe shi da takardar siminti na ɗaure da zare. Azumi ya kama cikin Janairun 1997, na Jidda da Makka suka bi masu Umara ta filin jirgin Malam Aminu Kano, na Wad Madani ma ta can ya zaga, na Gana suka bi wani direban goro. Na Amurka ne ya ba mu aiki. Likita ya rubuto cewa da ya sa kaset ɗin bai ga komai ba sai zane-zane suna gudu, muryata kuma ta koma siririya tana sauri, domin namu PAL ne nasu NTSC, sai da ya kai wani shago ya biya aka juya masa. Ya kuma ce abokan aikinsa sun so su sa hannu amma ba sa jin Hausa, 'ya'yansa ma rabi suke tsinta. Na zauna in fassara kalmomina 380, sai na ga ba su isa ba. Kun gane wannan kukan ba ta ce wa baƙo komai. Shi sai an faɗa masa ina ne garin, gida nawa ke sha daga rijiyar, wa zai riƙe kuɗin, wa zai duba aikin. Sabon rubutu na yi musu daban a takarda, likita ya karanta musu da bakinsa fim ɗin yana tafiya.

Bayan salla saƙo ya fara dawowa, a ambulan, a kullin hankici, a cikin safa. Na Gwaggo ya zo da kaset ɗin rediyo, muka taru a ɗakin Inna muka sa. Ta daɗe tana gaisuwa, tana kiran matattu da rayayyu. Sannan ta ce ta ɗauki buhu 4 daga cinikin ƙosai da kunun da take yi, ta ce maganata ta ji ta sau ɗaya ta wadatar, amma farkon nan inda kura ke kuka ta mayar da shi baya har ta daina ƙirgawa. Ta ce, “Yaya, na ga hannunki. Awarwaron Innarmu ne.” Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ba wanda ya ce komai har kaset ɗin ya ƙare ya yi ƙas.

Abin da ya zo ya kai na buhu 53. Ruwa kuwa bai fito a gaba 15 ba sai a 17, zobe 4 suka ƙaru, buhu 8. Tsohon mai haƙa sa rai ya ce yana yi, ni ne na mayar da sa ransa tabbas a bakina, ban bar wa ƙasa ko tafin hannu ba. Da na ce 48 in ruwa ya zo inda muke zato, in ya yi nisa za mu sanar da ku, da ba mu shiga ƙuncin da muka shiga ba, don ba wanda ya iya ɗaga baki ya sake roƙo. Mata ne suka cike buhu 3 da suka rage daga adashinsu.

Kuskuren da ya fi zauna mini a kaset na biyu yake, na godiya. Mun yi alkawarin lissafi, na kuwa ɗauka cikar amana ita ce in karanta kowane suna da abin da ya bayar. Haka na yi, ga ruwa yana zuba a komi, ga muryata tana jerowa: wane buhu 10, wance buhu 4, har na zo kan Kawu na Kumasi, rabin buhu. Gadi yake yi a lokacin, da 'ya'ya bakwai, kuma a falon wani ɗan'uwa mai hali aka taru aka kalla, yana zaune a ciki. Shi da yake aiko wa Inna wasiƙa kowace salla, shekara biyu ba mu ga rubutunsa ba. Lissafin dalla-dalla a takarda ya kamata ya tafi, kowa da nasa rasit, murya kuma ta faɗi jimilla ta jero sunaye ba adadi, ta kuma bar wanda ya ce a sakaya shi. Da na je Kumasi daga baya na durƙusa na ba shi haƙuri, ya kama hannuna ya ce ya wuce, ya tambaye ni ko ruwan yana da daɗi kamar na tsohuwar. Na ce masa ya fi sanyi, amma tsofaffi sun ce na da ya fi garɗi. Ya yi murmushi, ya ce ai dama.

An rufe bakin rijiyar cikin Mayu, kwana 9 kafin ruwan farko. Tsohuwar kurar muka ciro daga gwafanninta muka rataya a kan sabuwar, aka shafa mata man gyaɗa, ta yi shiru na kwana biyu sannan ta koma kukanta. A jikin dakalin, tun simintin yana ɗanye, Baffa ya ba ni ƙusa ya ce in rubuta shekarar. Na rubuta 1997 da boko, Liman ya rubuta tasa da ajami a ƙasa. Ƙafafun mata da gindin tulu sun cinye rabin rubutun, amma bakwai ɗin tana nan, kuma ko a bazarar bana rijiyar ba ta ƙafe ba.